Maki 26 cikin 40: saƙon malami ga mai shirin jarrabawar IELTS

Wanda ya ƙudura niyyar zuwa karatu ko aiki a Birtaniya, Kanada ko Ostareliya, da wuya ya tsallake jarrabawar tantance Turanci, kuma wadda aka fi sani a wajenmu ita ce IELTS. An fara yin ta a 1989, tana da sassa huɗu: sauraro, karatu, rubutu da magana. Kowane sashe ana ba shi mataki daga 0 zuwa 9, har da rabi-rabi kamar 6.5. Hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya da ungozoma rajista a Birtaniya, wato NMC, tana neman mataki na 7 a sauraro da karatu da magana, sannan 6.5 a rubutu. Sakamakon kuma shekara biyu kawai ake amfani da shi.

Yawancin masu wannan shiri manya ne, masu iyali da aiki, waɗanda suka daɗe da barin aji. Abin da suka fi yi shi ne su sayi littafin tambayoyin gwaji, su yi ɗaya, su duba amsoshi a bayan littafi, su ƙirga maki, su ja tsaki, su wuce na gaba. Bayan wata biyu littafi ya ƙare, maki yana nan inda yake. Ina koyar da irin waɗannan ɗalibai, kuma abin da ke biye saƙo ne da na rubuta wa wata ma'aikaciyar jinya bayan ta turo mini hoton takardar amsarta. Ta yarda a buga shi ba tare da sunanta ba.

Makin ba ya faɗin dalili

Assalamu alaikum Sista. Ya aiki, ya maigida da yara? Allah Ya ƙara taimakawa.

Na ga takardarki ta sashen karatu, na kuma ga abin da kika rubuta a ƙarƙashinta, cewa 26 kika sake samu cikin 40, kuma da kin sauka daga aikin dare za ki yi wani gwajin. Don Allah ki dakata da sabon gwaji tukuna. Wannan da kika yi bai gama yi miki amfani ba.

Kin fi ni sanin cewa idan ma'aunin zafin jiki ya nuna 39, abin da ya faɗa kawai shi ne akwai zazzaɓi. Bai ce na cizon sauro ne ko taifot ba, kuma ko sau goma aka sake aunawa a rana ɗaya, majinyaci ba zai samu sauƙi ba sai an gano dalili. To haka 26 ɗin nan yake. Ya gaya mana cewa kina wajen mataki na 6, domin a irin jarrabawar da za ki yi, ta masu zuwa karatu da ma'aikatan lafiya, amsa 23 daidai tana kai mutum kusan mataki na 6, amsa 30 kuma kusan mataki na 7. Maki huɗu ke tsakaninki da abin da kike nema. Tambayar ita ce, a cikin goma sha huɗun da kika rasa, waɗanne huɗu ne suka fi sauƙin dawowa? Makin ba zai amsa wannan ba, sai an bi kurakuran ɗaya bayan ɗaya an tambayi kowanne abin da ya jawo shi.

Wannan karon na yi miki aikin don ki ga yadda ake yi. Nan gaba ke za ki riƙa yi da kanki.

Yadda goma sha huɗun suka rabu

Da na zauna da takardarki da littafin, kurakuran sun faɗa gida huɗu.

Uku daga ciki kin gano amsa daidai, amma kika ɓata ta wajen rubutawa. A ɗaya, umarnin ya ce NO MORE THAN TWO WORDS, wato kada amsa ta wuce kalma biyu, ke kuma kika rubuta uku. A ta biyu kalmar tana da *s* na jam'i a cikin labarin, kika bar shi a can. A ta uku kalmar *environment* ce, kika kwafe ta babu *n* ɗin tsakiya. A wannan jarrabawa ba a ba da rabin maki. Amsar da ta wuce adadin kalmomi, ko aka rubuta ta ba daidai ba, hukuncinta ɗaya da amsar wanda bai fahimci komai ba. Waɗannan ukun ba su da alaƙa da ƙarancin Turanci, kuma ba sa bukatar karatun wata guda. Abin da suke bukata shi ne ɗabi'a biyu: ki ja layi ƙarƙashin adadin kalmomi kafin ki fara kowane rukunin tambayoyi, sannan duk kalmar da kika ɗauko daga labari ki sake kallonta harafi bayan harafi.

Wasu uku kuma kalma ce ta yaudare ki. Masu tsara tambayoyin nan ba sa maimaita kalmomin labari a cikin amsar da ke daidai, sai su faɗi ma'anar da wasu kalmomi. A wata tambayar labarin ya ce *the scheme was abandoned*, amsar kuma ta ce *it was stopped*. Ke kika zaɓi wata amsar dabam saboda kin ga kalmar *scheme* a cikinta, idonki ya kwanta da ita. Maganin wannan shi ne bayan kowane gwaji ki rubuta kalmomin biyu kafaɗa da kafaɗa, ta labari a hagu, ta tambaya a dama. Kada ki tara jerin sababbin kalmomi su kaɗai. Ki tara su bibbiyu, domin bibbiyu jarrabawar take tambayarsu.

Huɗu na ƙarshe a takardar, daga 37 zuwa 40, ke da kanki kin ce lokaci ne ya ƙure kika canka. Kin yi daidai da ba ki bar su fayau ba, tunda ba a rage maki don an yi kuskure. Zan dawo kansu.

Sauran huɗun su ne suka fi jan hankalina. Duka daga rukunin TRUE, FALSE, NOT GIVEN suke, kuma duka huɗun gefe ɗaya suka karkata: kin rubuta FALSE a inda amsar take NOT GIVEN. Da kurakuran sun watsu, ɗaya nan ɗaya can, da sai in ce tsautsayi ne. Amma kuskure huɗu masu fuska ɗaya kuskure ɗaya ne da aka maimaita sau huɗu, kuma wannan albishir ne, domin gyara ɗaya zai ɗauke su gaba ɗaya.

Abin da kika sani da abin da aka rubuta

Bari mu ɗauki misali daga fagenki. A ce labarin yana magana kan likitan nan Semmelweis, wanda a 1847 ya umarci likitocin wani asibiti a birnin Biyana su riƙa wanke hannu da ruwan sinadarin kulorin kafin su taɓa masu haihuwa, mace-macen masu jego kuma suka ragu ƙwarai. A ce iyakar abin da labarin ya faɗa ke nan. Sai tambaya ta kawo jimla mai cewa sauran asibitocin Turai sun rungumi wannan tsari nan take.

Ke kin karanta tarihin wanke hannu a makarantar jinya, kin san likitocin zamaninsa da yawa sun yi watsi da maganarsa. Nan da nan hannunki zai tafi kan FALSE. A duniya kina da gaskiya, a jarrabawa kin faɗi, domin labarin bai ce komai a kan sauran asibitoci ba. Amsar ita ce NOT GIVEN. Ba a tambayar ki ko jimlar gaskiya ce. Ana tambayar ki ko wannan rubutun da ke gabanki ya tabbatar da ita, ko ya ƙaryata ta, ko ya yi shiru. Wannan tarko ya fi kama manya masu ilimi irinki, saboda kuna zuwa da abin da kuka sani.

Ga gwajin da za ki riƙa yi. Kafin ki rubuta FALSE, ki ɗora yatsa a kan jimlar labarin da ta faɗi akasin abin da tambaya ta ce. Da labarin ya ce sauran likitoci sun ƙi amincewa da shi shekara da shekaru, to ga wurin ɗora yatsa, FALSE ta tabbata. Idan yatsa ya rasa wurin sauka, NOT GIVEN ce. Akwai kuma abin da zai rage miki wahalar nema: irin waɗannan tambayoyi suna bin jerin labarin ne. Idan kin ga amsar tambaya ta 5 a sakin layi na biyu, ta 7 a na huɗu, to ta 6 tana tsakaninsu. In kin karanta tsakanin nan sau biyu ba ki ga komai ba, ba sai kin koma farkon labari ba.

Yanzu mu koma ga huɗun da lokaci ya cinye. Sashen karatu minti 60 ne, labari uku, kusan minti 20 ke nan kowanne. Kin ce na farko ya ci miki minti 27, kuma a cikinsa waɗannan tambayoyin suke. Kin yi ta kai da kawowa kina neman hujjar da babu ita a rubuce, da kika gaji kika zaɓi FALSE. Wato minti bakwai ɗin da kika rasa a ƙarshe, a nan suka zube. Da kin tsaya ga kallon maki kawai, da kin yanke cewa karatunki ne ba ya sauri, ki shiga atisayen gudu wanda ba zai amfane ki ba. Kurakurai takwas cikin goma sha huɗu tushensu ɗaya. Ki haɗa da ukun nan na rubutawa, sha ɗaya ke nan da ke kusa da hannu, ke kuma huɗu kike nema.

Tsarin da za ki riƙa bi

Daga yau, kowane gwaji zama biyu ne, kuma zama na biyu ya fi na farko tsawo. Idan gwaji ya ci awa ɗaya, ki ware wa bitarsa awa ɗaya da rabi ko biyu. In aiki bai bar miki wannan lokaci ba, ki rage yawan gwaji, kada ki rage bita.

A zama na farko ki sa agogo, ki yi kamar kina ɗakin jarrabawa. Duk amsar da ba ki da tabbas a kanta, ki sa mata alamar tambaya a gefe. Wannan alama tana da muhimmanci, domin a cikin 26 ɗin da kika ci akwai waɗanda sa'a ce ta ba ki. Amsar da aka canka ta faɗa daidai kuskure ce da ba a kama ba, kuma ranar jarrabawa tana iya faɗawa ɗaya gefen. Ita ma a yi mata bita.

Idan kin gama, kada ki buɗe shafin amsoshi. Ki miƙa wa maigida ko ƙanwarki littafin, su zagaye miki lambobin da kika kuskure kawai, ba tare da sun faɗi amsar ba. Dalili kuwa, da zarar ido ya ga amsa, zuciya sai ta ce ai dama na sani, daga nan ba za ki ƙara gane abin da ya ɓatar da ke ba.

A zama na biyu ki ɗauki biro mai wani launi, ki ajiye agogo, ki sake amsa waɗanda aka zagaye da masu alamar tambaya, amma ban da ƙamus. Wannan ne ke raba miki kurakurai gida biyu. Wanda kika gyara da kanki a natse, Turancinsa yana kanki, lokaci ko garaje ne ya hana ki. Wanda kika sake faɗuwa a kansa ko da babu agogo, akwai abin da ba ki sani ba, ko wata kalma, ko ginin jimla, ko ƙa'idar irin tambayar. Sai bayan wannan ne za ki buɗe amsoshi da ƙamus.

Sannan ki samu littafin rubutu guda, ki raba shafi gida huɗu: abin da na rubuta, abin da yake daidai, dalilin da ya sa na zaɓi nawa, abin da zan yi dabam. Gida na uku shi ne ran aikin. Na hana ki rubuta rashin kula a cikinsa, domin wannan kalma tana rufe bincike ne. Rashin kula da me? Ki rubuta abin da ya faru a zahiri, kamar na ga kalma iri ɗaya na zaɓa, ko na amsa da abin da na sani daga asibiti. Gida na huɗu kuma ya zama aiki ne da hannu ko ido zai iya yi. Zan ƙara mai da hankali ba aiki ba ne. Zan ɗora yatsa kafin in rubuta FALSE, wannan aiki ne.

Sauraro: kunne ne ko kalma?

A sashen sauraro ma tambaya 40 ce, a kashi huɗu, cikin kusan minti 30, kuma sau ɗaya tak ake kunna muryar. A nan ma wajen amsa 30 ake nema don mataki na 7. Littattafan gwaji na Cambridge suna ɗauke da rubutaccen abin da aka faɗa a ƙarshensu, amma kada ki yi saurin zuwa can. Ki fara mayar da muryar baya zuwa wurin da kika kuskure, ki saurara sau biyu ko uku. In har yanzu ba ki kama ba, sai ki buɗe rubutun.

Abin da za ki lura da shi lokacin da kika karanta shi ne wannan. Idan kin ga kalmar kika ce ashe wannan ce, ai na san ta, to matsalar kunne ce: kin san kalmar a takarda, ba ki san ƙararta a bakin Bature ba. Maganinta shifta. Ki ɗauki daƙiƙa 30 na wurin, ki rubuta duk abin da kika ji, ki gwada da rubutun, sannan ki maimaita jimlar da bakinki yadda aka faɗe ta. Idan kuwa kin ga kalmar a rubuce ma ba ki san ta ba, ƙara sauraro ba zai kawo ta ba, littafin kalmomi za ta shiga.

Akwai wurare biyu da mu masu jin Hausa muka fi zamewa. Yawancin kalmominmu da wasali suke ƙarewa, don haka kunnenmu bai saba jiran baƙaƙe biyu ko uku a ƙarshen kalma ba, kuma a nan ne *s* na jam'i yake ɓuya. Idan bai shiga kunne ba, jimlar da ke takarda takan taimaka: in gurbin yana bayan kalma kamar *several*, jam'i ake nema. Na biyu shi ne lambobi irin 13 da 30, ko 15 da 50, waɗanda bambancinsu ya fi fitowa a gaɓar da aka ƙarfafa wajen furtawa.

Sai kuma tarkon da aka ɗana da gangan. Mai magana zai ce taron ranar Talata ne, sai ya gyara ya ce a'a, an ɗaga shi zuwa Alhamis. Wanda ya rubuta Talata ya sauke kunne, ya rasa. Idan kin ga irin wannan a bitarki, ki rubuta shi da sunansa, ki koyi barin kunne a buɗe har a bar maganar. In kuma kin ga kurakurai uku a jere, yawanci ɗaya ce ta kuɓuce miki, kika tsaya jimaminta har biyu suka wuce. Wadda ta wuce ki bar ta, ki kama ta gaba.

Rubutu: inda babu shafin amsa

Na karanta maƙalar da kika turo tare da takardar. A sashen rubutu aiki biyu ne cikin minti 60, na farko aƙalla kalma 150, na biyu aƙalla 250, kuma na biyu yana da nauyin na farko sau biyu. Mai dubawa yana auna abu huɗu, kowanne da rabo daidai: ko an amsa abin da aka tambaya, ko magana ta jeru ta haɗu, yalwar kalmomi, da nahawu. Bitar rubutu ita ce a karanta shi sau huɗu, kowane karatu da ido ɗaya daga cikin waɗannan.

Karatun farko ya fi sauran muhimmanci, kuma shi mutane suke tsallakewa su tafi farautar kuskuren nahawu. Tambayarki ta ce a tattauna ra'ayi biyu sannan marubuci ya faɗi nasa. Ke kin ba ra'ayi na farko sakin layi biyu cikakku, na biyu layi biyu kacal, naki kuma bai fito ba sai a jimlar ƙarshe. Ko da Turancin babu aibi, an bar wani ɓangare na tambayar a baya. Ki riƙa lambata sassan tambaya, 1, 2, 3, sannan ki nemi kowace lamba a cikin abin da kika rubuta. Lambar da ba ta da sakin layinta, ba a amsa ta ba.

A nahawu kuma ban gyara miki komai ba, kuma da gangan na yi. Na ja layi ƙarƙashin kowane kuskure, na sa harafi a gefe mai nuna irinsa. Idan na rubuta miki gyaran, za ki karanta ki gyaɗa kai, mako mai zuwa ki maimaita. Ga abin da na ƙirga. Maƙalar jimla 16 ce, huɗu ne kawai suka fita babu kuskure ko ɗaya. Kurakuran 23 ne, amma tara daga ciki na *a* da *the* ne, shida na jam'i, kamar *equipments* da *advices* waɗanda muka saba ji a Turancinmu na gida alhali kalmomi ne da ba sa ɗaukar *s*. Sauran takwas sun watsu. Ma'aunin da masu jarrabawar suka wallafa ya nuna cewa a mataki na 7 ana son a riƙa samun jimloli marasa kuskure akai-akai. Saboda haka lambar da za ki riƙa bibiya ita ce ta jimloli masu tsabta. Idan kika magance iri biyun nan kawai, 15 cikin 23 sun tafi, kuma huɗun nan za su iya zama tara ko goma ba tare da kin koyi sabuwar kalma ko ɗaya ba.

Kada ki rubuta sabuwar maƙala a wannan mako. Ki sake rubuta wannan ɗin, kan tambaya ɗaya, bayan kin gyara ta da kanki. A rubutu na biyu ne hannu yake koyo. Ranar jarrabawa kuma ki bar minti uku ko huɗu a ƙarshe, ki bi rubutunki kina neman iri biyun nan kaɗai. Wanda ya shiga neman kowane irin kuskure cikin minti uku ba ya ganin ko ɗaya.

Magana: ki ji kanki

Sashen magana hira ce da mutum, ta minti 11 zuwa 14. A kashi na biyu ana ba ki batu, a ba ki minti ɗaya ki shirya, sannan ki yi magana har zuwa minti biyu. Wannan kashin za ki riƙa naɗa a wayarki. Ki saurara, ki rubuta abin da kika faɗa yadda yake, har da inda kika yi shiru da inda kika koma baya. Ba daɗi, na sani, amma abin da kunne ya yafe, takarda ba ta yafewa.

Ki nemi abu uku. Ina kika tsaya, kuma kalma kika rasa ko abin faɗa? In kalma ce, ki nemo ta, ki kuma koyi zagaye ta da wasu kalmomi. In abin faɗa ne, minti ɗayan shiri ne ba a yi amfani da shi ba. Na biyu, idan kina ba da labarin abin da ya wuce, a jimla ta nawa aikatau ya zame ya koma na yanzu? Da yawa muna farawa daidai, mu saki a jimla ta uku. Na uku furuci. Ba a neman ki zama 'yar Landan, kuma ba a rage maki don harshenki ya nuna daga inda kika fito. Abin da ake dubawa shi ne ko ana fahimtarki ba tare da wahala ba. Wurin da ya kamata ki sa ido shi ne inda sauti ke canza ma'ana, kamar *p* da *f*, waɗanda Hausa ba ta raba su ba. A bakin ma'aikaciyar jinya, *pill* da *fill* ba abu ɗaya ba ne.

Iyakar wannan hanya

Bita ba ta ƙirƙirar Turancin da babu shi. Da a ce goma cikin kurakuranki sha huɗu na rashin fahimtar labarin ne ko da an cire agogo, da abin da zan gaya miki dabam ne: ki ajiye littafin gwaji, ki yi watanni kina karatu da sauraro kullum, ki ɗaga ranar jarrabawa. Naki ba haka yake ba, kuma bitar ce ta nuna mana. Ki kuma yi hattara da tambayoyin da ake yaɗawa a waya, waɗanda ba a san wanda ya tsara su ba. Wasu amsoshinsu ba daidai ba ne, kuma mai bita a kan amsar da ba daidai ba yana koya wa kansa kuskure ne. Ki tsaya kan na masu jarrabawar.

Kuskuren da aka rubuta a littafi bai mutu ba sai an gwada shi. Bayan kwana uku ki koma ga tambayoyin da kika faɗi, ki rufe amsa ki sake yi, sannan ki maimaita bayan mako biyu. Kafin kowane sabon gwaji kuma ki karanta gida na huɗu na littafinki. Alamar ci gaba ba lallai ta fara bayyana a maki ba. Takan fara ne da ɓacewar wani irin kuskure daga shafukan littafin. Idan iri ɗaya ya ci gaba da dawowa bayan gwaji uku, dalilin da muka rubuta masa ba shi ne na gaskiya ba, sai mu sake bincike.

Game da ranar biyan kuɗin jarrabawa da kika tambaya, shawarata ita ce ki jira har ki samu 31 ko 32 a gwaji uku a jere, sababbi waɗanda ba ki taɓa gani ba, da agogo a gabanki. Ana barin ratar maki ɗaya ko biyu saboda fargabar ranar. Kafin ki biya kuma ki sake duba sharuɗɗan NMC a shafinsu, domin hukumomi sukan sauya ƙa'ida.

Aikinki na wannan mako uku ne. Ki koma ga tambayoyi huɗun nan na labarin farko, ki rubuta mini a kan kowace dalilin da ya sa ba FALSE ba ce. Ki gyara maƙalar ki sake rubuta ta, ki ƙirga jimloli masu tsabta. Ki naɗa minti biyu kan ranar da kika fara aiki a asibiti, ki turo mini muryar tare da abin da kika rubuta daga cikinta. Sabon gwaji sai ranar Asabar, in Allah Ya kai mu.

A gaishe da maigida, a kuma ce masa na ba shi aikin zagaye lambobi. Allah Ya ba da sa'a.